Takardar neman zauren taro a Jidda: abin da muke sawa a ciki kafin mu biya arbun, wato kafin alƙalami

Sana'armu shirya wa mutane taro ce, walimar aure, suna, saukar Alƙur'ani, wani lokaci zaman 'yan kasuwa. Masu kawo mana aiki sun ɗauka wahalar tana wurin abinci da ado, alhali rigimar da ake yi da mai zaure ranar taro kusan duk daga saƙon farko take tasowa. Mutum ya buga waya ya ce yana son istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, daren Juma'a, mai wuri ya ce "abshir", wato an gama, a tura kuɗi, shi ke nan. Wannan amsar ba ta ɗaure mai wuri da komai ba sai buɗe ƙofa.

Tsayar da ranar taro ce ta fi cin mutane. A nan ana aiki da kalanda biyu, ta Hijira wadda ake kira Ummul Ƙura da ta Miladiyya, kuma littafin mai istiraha yana iya kasancewa a kan kowacce. Sannan a lissafin Hijira dare ne ke gaban yini. Idan Balarabe ya ce lailatul Jumu'a, daren Alhamis ne bayan magariba, wanda in an wayi gari Juma'a ce. Bahaushe kuwa yana iya cewa daren Juma'a yana nufin bayan an sauko masallaci, rana ta faɗi. Tsakanin biyun akwai kwana guda cur, kuma tunda hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun 2013, dararen nan biyu su ake rububi. In aka yi kuskure, da wuya a sami ɗayan babu kowa. Don haka ba ma rubuta kalmar dare ita kaɗai. Sunan yini muke sawa, da kwanan wata biyun, da sa'ar shiga da ta fita. Misalin da muke koya wa yaran ofis shi ne: Alhamis, 15 ga Muharram 1447, daidai da 10 ga Yuli 2025, a buɗe mana ƙarfe 4 na yamma, mu miƙa mabuɗi ƙarfe 2 na dare, wato an shiga Juma'a. Ƙarfe 4 ɗin domin masu jera kujeru ne da masu ado, baƙi sai bayan isha'i. Wanda ya rubuta lokacin zuwan baƙi kawai zai tarar da mai gadi ya hana ma'aikatansa shiga, ko a ce ya biya sa'o'in ƙari.

Yawan mutane ma ba a faɗinsa dunƙule. Istiraha da zauren biki a ƙasar nan sashe biyu ne, na maza da na mata, kowanne da ƙofarsa da iyakar abin da yake ɗauka. A ce walimar sauka ce ta mutum 220. Mai wuri zai ce nasa yana cin 250, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai 150 a wajen maza, 100 a wajen mata. Taronmu na Hausawa kuwa mata ne ke rinjaye. In aka rarraba, sai a ga maza 70 ne, mata 110, yara 40, kuma yaran nan wurin iyayensu mata za su tare. Ga mutum 150 a ɗakin mutum 100, a watan Yuli, na'urar sanyaya ɗaki ta gaza tun kafin a kawo shinkafa. Shi ya sa muke rubuta adadi uku daban, mu kuma tambaya ko za a yarda a musanya sassan. Wasu wuraren suna yarda, wasu kuma ɗakin amarya da madubai suna gefe guda, ba yadda za a yi.

Akwai kuma yadda za a zauna. Majalisin ƙasa da darduma da matasai yana cin mutane fiye da tebura masu kujeru takwas takwas, don haka adadin da mai wuri ya faɗa sai an ji a kan wane irin zama ya ƙirga. Mu kan ƙara kashi goma cikin ɗari a kan jerin mai taro, domin ba a gayyatar Bahaushe ya zo shi kaɗai.

Kayan aiki ba su da tsawon magana, amma a rubuta su da lamba. "Akwai lasifika" ba ta nufin akwai makirfo biyu, ba ta kuma nufin mata za su ji karatun da ake yi a sashen maza. A walimar sauka wannan shi ne taron gaba ɗaya: uwa ta zo ta ji ɗanta, sai a tarar ba a ja waya zuwa ɓangarensu ba. In ana son majigi, a faɗi cewa da wayar HDMI da farin allo. Soket ɗin nan mai baki uku ne, wutar kuma volt 220 zuwa 230 ce, sai dai tsofaffin gine-gine har yanzu akan ci karo da layin 127 a cikinsu, a tambaya kafin a jona tukunyar shayi. A kuma tambaya ko an yarda a shigo da abinci daga waje, domin wasu zaurukan sai daga kicin ɗinsu, wanda ya dafo tuwo da miyar taushe a gida sai ya tsaya da su a bakin ƙofa.

Sai kuɗi, inda zumunci ke ɓaci. A ce an yi ciniki a kan Riyal 6,000. Tambayar farko ita ce ko da haraji a ciki, wanda suke cewa shamil dariba. Harajin kashi 15 ne cikin ɗari tun Yulin 2020, saboda haka in babu shi a ciki, 900 za ta hau, kuɗi ya zama 6,900. Wanda ya karɓi harajin dole ya ba da fatura, wato takardar lissafin kuɗi, mai lambar rajistar harajinsa. Daga nan sai arbun, kafin alƙalaminmu ke nan, a ce 2,000. A al'adar kasuwar nan wanda ya fasa ya bar arbun, sai in an rubuta akasin haka. Mu kan nemi a sa cewa in an sanar da sati uku kafin ranar, a ɗage zuwa wata rana ba tare da an ci kuɗin ba, kuma in mai wuri ne ya fasa, ya mayar duka. Masu wuri sun fi saurin yarda da ɗagewa a kan mayarwa, don haka ita muke fara nema.

Ta'amin wani abu ne daban, kuma mutane suna haɗa shi da arbun. Shi kuɗin ajiya ne saboda ɓarna, a ce 500, ana mayar da shi bayan an duba wuri. Ba ya cikin kuɗin haya, kada a cire shi daga ciko. Lissafin takardar ya zama: jimla 6,900, an biya 2,000, saura 4,900 kwana uku kafin taro, ta'amin 500 ranar karɓar mabuɗi, a dawo da shi washegari, shara kuma a kan mai wuri. In ba a ambaci shara ba, daga ta'amin za a zare ta. Da an buɗe ƙofa ƙarfe 4, yaronmu yakan zaga da waya ya ɗauki darduma, banɗaki da kujeru a gaban mai gadi, har tabon shayin da aka tarar.

Kuɗin kuma asusun kamfanin da sunansa ke kan yarjejeniya ake tura wa, lambar IBAN mai farawa da SA, ko a biya da katin banki na mada a ofishinsu a karɓi rasit. Mai gadi yakan ce a ba shi a hannu ya riƙe ranar, har ya yi ragi. Ranar ba ta kamu ba sai ta shiga littafin ofis, an turo takarda mai hatimi ɗauke da yinin Alhamis da kwanan wata biyun.