Layin dole da layin in da hali: abin da na koya a magazar hatsi

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan magazar da nake riƙewa a bayan babbar kasuwar Maraɗi. Duk wanda ya taɓa aikin magaza ya san abin da ke ciki, ba sai na tsaya ƙirga masa awo da lodi ba. Abu guda nake son in bar wa yaran da ke shigowa wannan sana'a, shi ne yadda nake rubuta aikin wuni a kaye, da dalilin da ya sa nake raba shi gida biyu.

Kowane dare bayan isha'i nakan buɗe sabon shafi, in sa kwanan watan gobe, in ja layi daga sama zuwa ƙasa. Hannun dama na rubuta "dole", ɗaya gefen kuma "in da hali". Da dare nake yi don da safe ba a samun natsuwa: kafin ka buɗe ƙofa ƴan dako sun iso, waya na kuka, wani direba na tsaye yana cewa shi sauri yake. Wanda ya bari sai a lokacin zai zaɓi abin da zai fara, to wanda ya fi ɗaga murya ne zai zaɓa masa.

Kafin aiki ya shiga layin dole sai ya amsa ɗaya daga cikin tambayoyi uku. In rana ta faɗi ban yi shi ba, akwai kayan da za su lalace? Akwai ƙofar da za a rufe, kamar mota ta tashi ko banki ya kulle? Akwai mutumin da aikinsa ya tsaya cik sai na gama nawa? In amsar duka ukun a'a ce, aikin ya koma ɗaya gefen, ko da kuwa yana da kyau, ko da kuwa babba ne ya ambace shi. A nan ne mutane ke ruɗewa, don suna ɗauka in da hali na nufin aikin banza. Ba haka ba ne. Kwafe lissafin sati a babbar rajista aiki ne mai amfani ƙwarai, amma in ya kwana babu buhun da zai ruɓe.

Ba na barin dole ya wuce uku, iyaka huɗu. Lissafin mai sauƙi ne. Muna buɗewa ƙarfe 8, mu rufe wajen ƙarfe 6 na yamma, awa 10 ke nan a baki. Ka cire azahar da la'asar da cin abinci, ka cire baƙi da gaisuwa, wadda ba a gajarta ta a garin nan, ka cire masu zuwa sayen buhu ɗaya ko biyu. Abin da ke hannunka da gaske bai wuce awa 4 zuwa 5 ba. Shi ya sa gaban kowane dole nake rubuta lokacin da zai ci. In jimillar ta haura awa 5, na san tun daga gida cewa wani abu zai faɗi, sai in zaɓi wanda zan ɗage da kaina, ko in nemi wanda zai kama mini, maimakon in gano hakan da magariba.

Ga misalin wata Laraba. Abubuwa tara ne a kaina. Akwai lodin aya buhu 120 a motar da za ta bi ta Ɗan Isa, direba ya ce sai ya tashi kafin azahar; da ƴan dako huɗu da ƙirga, awa 2 ne. Akwai zuba kuɗin ciniki a banki, don mai kawo mana kaya daga Cadawa na jira ya biya manomansa; da layi da komai awa ɗaya da rabi. Akwai duba buhunan wake, awa ɗaya. Waɗannan ukun suka shiga dole, jimilla awa 4 da rabi. Sauran shida, irin su jera buhunan da babu komai ciki, kwafe rajista, kiran masu bashin da wa'adinsu bai cika ba, da sake rubuta allon farashi, duk suka zauna a in da hali. Lura da yadda nake rubutawa: ba na sa "aya" kawai, ina sa "lodin aya buhu 120, kafin azahar". Aikin da ba a faɗi adadinsa da iyakarsa ba, ba ka sanin ranar da ka gama shi.

Duba wake shi ne abin da nake son in daɗe a kansa, don shi ne irin aikin da wannan tsari ke iya cutarwa in ba a yi hattara ba. Wake ba ya kiran waya. Muna sayensa da kaka, mu zuba a buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, mu jira farashin bazara. Muddin iska ba ta shiga, ƙwarin ciki sukan mutu da kansu. Amma ɓera ya huda leda, ko ɗaurin baki ya saki, iska ta samu hanya, to cikin kamar wata guda ƙwaro ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ya girma ya sake zubawa. Alamun a bayyane suke ga mai dubawa: gari a ƙasan buhu, kashin ɓera a gefen katako, buhun da ka danna ka ji iska na fita, ɗigon farin ƙwai a jikin ƙwayar. A kowace rana ɗaya, in ka yi wa wannan aiki tambayoyin nan uku, zai ce maka zai iya kwana. Gaskiya ne kuma, zai iya kwana ɗaya. Kwana talatin ne ba zai iya ba. Don haka duk aikin da ke irin wannan hali nake ba shi ranar hawa: a gabansa in rubuta kwanan watan da zai tsallaka layi ya zama dole. Na wake sati biyu-biyu ne.

Matsalata ba da takarda ta kasance ba, da wanda aka ɗora mana ne. Alhaji mai dukiyar ya kawo ɗan yayansa ya sa shi a kanmu, muna ce masa Shef. A wurinsa duk abin da ya faɗo masa a rai yanzu shi ne na gaggawa. A shekarar da abin ya faru muna da wake buhu 200 a ɗakin baya. Ranar da duba su ya hau layin dole, ya shigo ya ce a bar komai a share gaban magaza a sake jera buhunan gero, Alhaji zai zo da baƙi. Na ce, "Shef, yau ranar duba wake ce, na ga kashin ɓera a ɗakin baya. A ba ni awa ɗaya." Ya ce, "Wake zai gudu ne? Yi abin da na ce." Washegari ya aike ni Tasawa karɓar bashin da wa'adinsa bai ma cika ba. Da na dawo na tarar ya karɓe makullin ɗakin baya ya ba wani abokinsa ya ajiye taki, abokin kuma ya yi tafiya da makullin. Na roƙa a fasa kwaɗon, kuɗinsa bai kai jika biyu ba, ya ce ba ni ke ba da umarni a nan ba.

Da aka buɗe ɗakin, buhu 31 sun tafi. Ka tsoma hannu ka ji ɗumi, ka ɗebo ka ga rami a kowace ƙwaya. A gaban ƴan dako ya ce wa Alhaji sakacin mai magaza ne, a cire daga albashina wata-wata. Wallahi har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar ko kallona bai yi ba, raina na ɓaci.

Abin da ya fisshe ni ɗabi'a ce ƙarama. Duk dolen da bai yiwu ba, ba na goge shi, ba na yaga shafin. Ina zagaye shi, in rubuta dalili a gajarce da wanda ya ɗage shi, in sake kwafe shi a shafin gobe. Na ɗauki kayen na kai wa Alhaji gida bayan la'asar, na ce, "Ranka ya daɗe, ba gardama na zo yi ba, ga shi dai a duba." Shafi bayan shafi, "duba wake" na zaune a saman dole, a gefensa "Shef ya ce a share waje", "Shef ya aike ni Tasawa", "babu makulli, na nemi a fasa, an hana". Alhaji ya karanta ya yi shiru. Ba a taɓa albashina ba. Amma kuma ba a ce wa yaron ko uffan ba, kuma babu wanda ya tsaya gaban ƴan dakon nan ya wanke ni kamar yadda aka ɓata ni a gabansu. Wannan na cikin abin da ya sa zan tafi.

Daga nan na ƙara abu ɗaya, kuma shi nake ba kowa shawara. In na gaba da kai ya kawo sabon aiki da tsakar rana, kada ka ce ba za ka yi ba, kada kuma ka amsa da "to" kawai. Buɗe masa shafin ka ce, "Ga ukun da ke gabana yau, wanne zan sauke in sa wannan?" Mai adalci yakan duba ya ce naka ya fi, bar nawa sai gobe. Wanda ba shi da adalci zai zaɓa, kai kuma ka rubuta cewa shi ya zaɓa. Takarda ba ta gyara halin shugaba, kada wani ya yi wannan zato, iyakarta ta nuna inda aka karkata da wanda ya karkatar.

Sauran ƙanana ne. Kada ka taɓa layin in da hali kafin ka kashe aƙalla dole na farko, don ayyukansa sun fi daɗin yi kuma suna cin safiya. Abin da ya yi sati a in da hali ba tare da ranar hawa ba, ko ka ba yaro ko ka soke shi. Kaye mai ɗinki ya fi warwatsattsun takardu, ya kuma fi waya a wurin da ƙura da ɗaukewar wuta suka yi yawa. Litinin da Juma'a kuwa, ranakun kasuwa, dole ɗaya tak nake sawa, in yi shi kafin ƙarfe 9, don daga nan har yamma awo da karɓar kuɗi ne ke da mutum. Duba wake ba na taɓa sa shi a waɗannan ranaku, Talata ko Laraba nake ba shi.