Zinarin 1980 da dalar 2008: abin da na koya kafin zana layin farashi

A aikina na tattara alƙaluma da zana su, babu tarkon da na fi ganin mutane na faɗawa kamar jera farashin shekaru talatin a layi ɗaya ba tare da an cire hauhawar farashi ba. Layin zai yi ta hawa, mai kallo ya ce kayan sun yi tsada, alhali sau da yawa kuɗin ne ya rage daraja.

Misalin da na fi koyar da shi shi ne zinari. A watan Janairun 1980 oza ɗaya ta kai dala 850. Daga nan farashin ya faɗi, bai sake taka wannan matsayi ba sai Janairun 2008. In ka zana alƙaluman yadda suke, za ka ga tudu biyu masu tsayi ɗaya, ka ce wanda ya saya a 1980 ya mayar da kuɗinsa bayan shekara 28. Bai mayar ba.

Tunda da dala aka yi cinikin, ma'aunin da ya dace shi ne na farashin kayan masarufi na Amurka, wanda ake samu da sunan CPI-U. A Janairun 1980 yana kan 77.8, a Janairun 2008 kuma 211.1. Lissafin ba shi da wuya:

```
850 * 211.1 / 77.8 = 2306
```

Wato ka ninka tsohon farashi da ma'aunin lokacin da kake son komawa, ka raba da ma'aunin lokacin da aka yi cinikin. Dala 850 ta 1980 daidai take da kusan dala 2,306 a kuɗin 2008. Ashe mai zinarin nan abin da ke hannunsa bai wuce kashi 37 cikin ɗari na ƙarfin sayen da ya zuba ba. Ko a Satumbar 2011, da oza ta kai wajen dala 1,900 ana ta cewa ba a taɓa ganin irinsa ba, tudun 1980 ya fi shi tsayi in aka gyara, domin a kuɗin wannan watan ya kusa dala 2,480.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne daidaita lokacin ma'auni da lokacin farashi. Matsakaicin ma'aunin shekarar 1980 gaba ɗaya 82.4 ne. In ka ɗauke shi a maimakon na Janairu, sakamakon zai sauka zuwa wajen dala 2,178, ka yi asarar kusan 130 ba ka sani ba. Dalili kuwa, a shekarar hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 13.5 cikin ɗari, don haka Janairu da Disamba sun yi nisa da juna. Farashin wata sai ma'aunin wata, matsakaicin shekara sai na shekara. A shekarun da kuɗi ke zaune lafiya bambancin ba ya taka kara ya karya, amma ai shekarun rikici ne aka fi son nunawa a zane.

Akwai kuma masu ɗauko kason hauhawa na kowace shekara su tara. Kashi 10 a shekara har shekara goma ba kashi 100 ba ne, kusan 159 ne, saboda kowace shekara a kan ta baya take hawa. Shi ya sa nake neman ma'aunin kansa, ba kason ba.

Wurin da nake duba aikin kowa da idon basira shi ne inda hukumar ƙididdiga ta sauya shekarar tushe. Ma'aunin da ya kai, a ce, 250 sai a mayar da shi 100 a fara sabon jeri. Wanda ya manna jerin biyu haka nan zai ga layinsa ya yi tsalle a wata guda, ba tare da wani abu ya faru a kasuwa ba. Wannan tsallen shi ne alamar. Maganinsa a nemo watan da jerin biyu suka haɗu, a fitar da rabon da ke tsakaninsu, a nan 2.5, a ninka sabon jerin da shi.

Gyaran ma yana da iyaka, kuma ina ganin wajibi ne a faɗa wa mai karatu. Ma'aunin na kwandon sayayyar matsakaicin gida ne, kwandon kuma ana sauya abin da ke cikinsa, kayan ma ingancinsu na canzawa. Gwargwadon nisan shekaru, gwargwadon raguwar tabbacin lambar, shi ya sa a rubutu nake cewa wajen dala 2,300, ba 2,306 ba. A jikin zanen kuma nakan rubuta ƙarara cewa dalar Janairun 2008 ce, da sunan ma'aunin da na yi amfani da shi. Layin farashin asali ba na goge shi, nakan bar shi da launi mara ƙarfi a ƙasa, domin wanda ya tuna dala 850 ya gan ta a inda take, ya kuma ga tazarar da ke tsakanin layukan biyu.