Filin da mai tsara littafi ya share mini a waƙa

Mai waƙar ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar a kowane baiti, yana da abin da ke tsare masa waƙarsa ko da ta faɗa hannun wanda bai san ta ba. A kwafe ta a jere kamar wasiƙa, duk wanda ya saba da rubutacciyar waƙa zai iya mayar da ita yadda take: ya bi ƙaramin amsa-amo ya gano ƙarshen kowane ɗango, ya bi babban ya gano ƙarshen baiti, ma'auni kuma ya gaya masa in gaɓa ta ɓace. Mu da muka ajiye amsa-amo da ma'auni ba mu da wannan gata. Abin da ya rage mana shi ne inda muka yanke ɗango da filin da muka bari a takarda. In aka taɓa su, an taɓa waƙar gaba ɗaya, kuma ba wanda zai iya gyara ta sai mai ita.

An taɓa tawa, shi ya sa nake maganar da zafi. Ga ta yadda na miƙa ta ga wani kundin waƙoƙi, na rubuta ta bayan rasuwar mahaifinmu:

Da aka gama sadakar uku
aka naɗe tabarmi
kowa ya ɗauki
takalminsa.

Inna ta ɗauki
tsintsiya
ta share tsakar gida
ta share zaure
ta zo ƙofar ɗakinsa



ta share tsakar gida.

Duk waƙar tana cikin wancan babban fili da ke gaban ɗangon ƙarshe. Ban ce Inna ta tsaya ba, ban ce ta kasa shiga ba, ban ambaci hawaye ba. Na bar idon mai karatu ya sauko daga "ƙofar ɗakinsa" ya tarar ba komai, ya ɗan jima yana saukowa, sannan ya same ta ta koma tana share inda ta riga ta share. Tsawon lokacin da ido ya yi yana ratsa farar takarda shi ne tsawon tsayuwarta a bakin ƙofar.

Mai tsara littafin ya ƙirga ɗangaye, ya ga goma ne cif. Sauran waƙoƙin kundin kusan duk ƙwar biyar ne. Sai bawan Allah ya raba tawa biyar-biyar don shafi ya yi kyau. Baiti na farko ya ƙare a "Inna ta ɗauki", na biyu ya buɗe da "tsintsiya", babban filina kuwa ya ɓace sam. Ranar ƙaddamarwa wani ɗalibi ya karanta ta daga littafin, kuma ya karanta da gaskiya, abin da ya gani ya bi. Ya ce "Inna ta ɗauki", ya yi dogon shiru, jama'a suka kasa kunne suna jiran babban abu, sai ya ce "tsintsiya". Na ji wani ya yi dariya a baya. Da aka tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, waƙar ta yi, amma masu bugawa sun maimaita maka layi ɗaya a ƙarshe, ka sa a cire." Kalma ko ɗaya ba a canja mini ba, amma ɗangon da na gina komai dominsa ya koma kuskuren ɗab'i.

Abin da ya sa wancan shirun ya yi ɓarna haka yana cikin ginin harshenmu. Aikatau irin su ɗauka, saya, nema da tambaya suna sauya ƙarshensu gwargwadon abin da ke biye. In ka ce "ta ɗauka", magana ta rufe. In ka ce "ta ɗauki", kunnen Bahaushe ya san dole suna na tafe, ba zai huta ba sai ya ji shi. Saboda haka yanke ɗango a kan "ɗauki" rataye mai sauraro ne. Ratayar ɗango ɗaya, wato ɗan numfashi, ita nake so: "kowa ya ɗauki", me? Takalminsa kawai, ya tafi. "Inna ta ɗauki", me? Tsintsiya. Maimaita wannan yanka sau biyu shi ya tsaya mini a madadin amsa-amo, ya ɗaure masu tafiya da mai zama. Amma in ka ƙara wa ratayar tsawo ta kai ta tsakanin baiti da baiti, ka yi alkawarin abin da tsintsiya ba za ta iya cikawa ba.

Haka "ba" ta korewa take. Ka buɗe da "bai dawo", kunne na jiran "ba" ta rufewa, kana iya jinkirta ta zuwa ɗango na gaba in akwai dalili. "Sai" a ƙarshen ɗango ma tana jan mutum gaba da ƙarfi. Waɗanda na ga ba sa ɗaukar yanka su ne ƙananan kalmomi irin "a" da "na", da raba "ya" ko "ta" da aikatau ɗinsu. Ka bar "ta" a ƙarshen layi ka kai "share" ƙasa, abin da za a ji in'ina ce. Ina yawan ganin wannan a waƙoƙin matasa, a sassare zance duk bayan kalma uku a ce an yi waƙa. Gwajin da nake yi wa tawa mai sauƙi ne: in haɗe ta ta zama zube, in karanta da ƙarfi. Duk yankan da ban ji rashinsa ba, ado ne, sai in cire shi.

Masu cewa abin baƙo ne gare mu, ina tuna musu cewa makaɗan baka da masu kirari ba su dogara da amsa-amo ba. Kiɗa, amshi da numfashi ke yanka musu magana. A takarda ba kalangu ba 'yan amshi, fili ne ke yin wannan aiki, shi ya sa yake da awo. Uku nake amfani da su: ƙarshen ɗango, layi ɗaya fanko tsakanin baitoci, da babban fili na layi uku. Na ukun sau ɗaya tak nake sa shi a waƙa, don in ya zo sau biyu na biyun ba ya jin nauyi.

Yanzu ba na miƙa waƙa a Word kaɗai. Ina haɗawa da PDF, in rubuta a sama cewa filayen nan da gangan ne. A cikin baiti ina sauka da Shift+Enter, in bar Enter don tsakanin baitoci, saboda in mai tsarawa ya sauya tazarar sakin layi kada ɗangaye su wawwatse. Ɗangon da ya yi tsawo ina duba shi a waya, don ƙaramin allo yana karya shi inda ya ga dama, ya ƙirƙiro yankan da ba nawa ba. Kuma ba na yarda a buga sai na ga shafin da idona bayan an tsara, musamman inda shafi ya ƙare. In babban fili ya faɗo daidai ƙasan shafi, ya narke cikin gefen takarda, mai karatu zai juya ya ci gaba bai san an yi shiru ba. A bugu na biyu na kundin abin da ya so faruwa ke nan, "ƙofar ɗakinsa" a gindin shafi, ɗangon ƙarshe a saman na gaba. Na sa aka tura waƙar duka zuwa sabon shafi, mai tsarawa yana ta ƙorafin an yi asarar rabin takarda.