Buƙata ɗaya, saƙo uku

A ce rahoton wata zai tafi Yamai ranar Alhamis da ƙarfe 12, kai kana biro a Tawa, kuma lissafin man mota bai iso ba. Mutum uku za ka rubuta wa. Kurakuran da zan ambata duk na taɓa yin su.

Wurin darakta, laifinmu yawan ladabi ne. Gaisuwa layi huɗu, ban haƙuri layi uku, buƙatar tana can ƙasa. Shi kuwa a waya yake karantawa tsakanin taro biyu, sai ya ga gaisuwa ya wuce. "Ranka ya daɗe, barka da aiki" ya isa. Daga nan ka faɗi halin da ake ciki, ka ba shi zaɓi: "Rahoton ya kammala, saura lissafin mai. In an amince, zan tura shi haka ranar Alhamis, lissafin ya biyo baya Litinin, ko kuwa a jira a haɗa su." Babba ba a ce masa "ka sa hannu kafin gobe". Ana cewa "Yamai na jira kafin ƙarfe 12", wa'adin ya zama na aikin, ba naka ba. Kada kuma ka kama sunan wanda ya makara sai in an tambaye ka, don abin da aka rubuta ba ya gogewa.

Na abokin aiki ya fi santsi. Wasan da kuke yi wurin shan shayi, in ya shiga imel ba murya ba murmushi, baƙar magana yake komawa. "Har yanzu barci kake?" yana iya yawo biro uku in an tura saƙon gaba. Ba ka da iko a kansa, don haka dalili za ka ba shi: "Malam, lissafinka kaɗai ya rage mini. Za ka iya turo shi Laraba da yamma? In akwai matsala gaya mini mu san dabara." Sa darakta a Cc tun saƙon farko kuwa kai ƙara ne, kuma haka zai ɗauke shi. Alamar ita ce amsarsa ta zo doguwa, cike da kwanan wata, yana wanke kansa maimakon turo lissafin.

Na ƙasa da kai, sassauci ne ke cutarsa. Ka rubuta "in ka samu lokaci", yaron zai ɗauka da gaske kake, ya bari sai Litinin. Gaishe shi da sunansa, sannan: "Don Allah ka haɗa rasit ɗin mai na motoci biyun, daga 1 zuwa 30 ga wata, ka turo mini Laraba kafin ƙarfe 4." Faɗa kuma ba a yin sa a rubuce da manyan baƙaƙe. Kira shi biro, ka tura ƙofa.