Daga jimillar albashi zuwa abin da ke shiga aljihu: wanne ake fara cirewa?

Duk lokacin da zan lissafa abin da ma'aikaci zai karɓa a ƙarshen wata, abin da nake fara bincikawa shi ne ko ana cire kuɗin fansho kafin a ɗora haraji, domin sauran lissafin duk a kan wannan ya rataya.

Na ɗauki albashin 200,000 a wata, fansho kashi 8 cikin 100, haraji kashi 10. Na fara da fansho: 200,000 × 0.08 ya ba ni 16,000, saura 184,000. A kan wannan ragowar na ɗora haraji, ya kama 18,400. Abin da ya rage wa mai albashi shi ne 165,600.

Mutane da yawa haɗa kason biyu suke yi, su ce 8 da 10 sun zama 18, su cire 36,000 a lokaci guda, su samu 164,000. Wannan lissafin yana yin daidai ne kawai a inda doka ba ta yafe haraji a kan kuɗin fansho ba. Bambancin 1,600 da ke tsakani ba daga sama ya faɗo ba, harajin 16,000 ɗin nan ne na fansho. Don haka in na ga lissafina da takardar albashi sun saɓa, nakan duba ko giɓin ya yi daidai da kashi 10 na kuɗin fansho. In ya yi, to an gano bakin zaren.

Sai kuma a kan me ake lissafa fanshon. A wurare da dama ba a kan albashin duka ba ne, a kan ainihin albashi ne da wasu alawus da aka ware. Da a ce 150,000 ne kaɗai ke shiga wannan lissafi, fansho zai sauko zuwa 12,000, haraji ya hau zuwa 18,800, a karɓi 169,200. Kason da wurin aiki ke zubawa daga aljihunsa kuwa ba a cire shi daga albashi, ko da an rubuta shi a takardar.

Komawa baya ya fi rikita mutane. A misalin farko, fansho yana barin 0.92 na albashi, haraji kuma yana barin 0.90 na ragowar; 0.92 × 0.90 ya ba da 0.828, wato abin da ke tsira daga kowane 1 na albashi. Wanda ya san 165,600 yake karɓa, yana son sanin jimillar albashinsa, sai ya raba da 0.828, ya samu 200,000 cif. In ya ƙara kashi 18 a kai, 195,408 zai samu, saboda ya ɗora kason a kan ƙaramin adadi.

Wannan gajeriyar hanyar tana aiki ne in harajin kaso ɗaya ne. Inda yake hawa-hawa, dole a raba 184,000 ɗin gida-gida, kowane hawa da nasa kason, sannan a tara.