Yadda surutuna ya kori mai sayen buhu 120

Ina yaron shago a wurin wani mai sayar da takin zamani da maganin feshi a Kura, kuma yawancin masu sayen kayanmu manoman shinkafa ne da ke noman rani da ruwan madatsar Tiga. Maigidana ya ɗauke ni ne saboda bakina. Na haddace abin da ke rubuce a jikin kowane buhu: yuriya tana da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, kamfa kuma 15-15-15 ce, wato naitirojin da fosfaros da fotash daidai wa daida. A zatona wanda ya fi zuba wannan bayani shi ya fi iya ciniki.

Akwai wani Alhaji daga wajen Kadawa da ke ɗaukar buhu 120 a wurinmu duk shekara. Ranar da ya zo maigida ya tafi Kano saro kaya. Bayan mun gaisa ya zauna a benci, ya ce: "Yaro, bara shinkafata ta kwanta, gab da yanka."

Ban bari ya kai aya ba. Na ce: "Ranka ya daɗe, ai ƙarfi ne ta rasa, ga sabuwar yuriya ta iso." Na shiga yabon yuriya, yadda take sa ganye ya yi kore shar, yadda take sa shuka ta miƙe. Ya buɗe baki ya ce "ai yuriyar ce...", na sake tare shi da zancen ragin farashi in ya ƙara buhu 20. Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce zai je ya yi shawara. Da Bahaushe ya faɗi haka a bakin shago, galibi cinikin ya mutu. Kwana kaɗan aka ga motar wani shago tana sauke masa kaya.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Ya sa na maimaita masa maganar Alhaji kalma bayan kalma, sannan ya tambaye ni: "Me ke kwantar da shinkafa?" Na yi shiru. Ya ce in naitirojin ya yi yawa, musamman in an watsa shi a makare, kara yana yin tsawo da laushi, ganye ya yi yawa, sai zangarniya ta yi nauyi iska ta kayar da ita cikin ruwan fangali. Abin da ya kwanta cikin ruwa yana iya tsira ko ya ruɓe, yankansa ma wahala ne. Fotash kuwa yana taimaka wa kara ya yi ƙwari. Ashe Alhaji ya zo ne a rage masa yuriya, a ƙara kamfa tun wajen dashe, a raba masa yuriyar biyu: kashi ɗaya lokacin da shinkafa ke yin 'ya'ya, ɗayan kafin ta ɗauki ciki. Ni kuma na yi ta tallata masa abin da ya jawo masa asara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin ya faɗa mini matsalarsa da bakinsa tun a maganar farko.

Daga nan maigida ya kafa mini doka: kada in ambaci sunan kaya sai na san abin da ya faru a gonar bara, da yawan ekar mutum, da ranar da ya yi dashe. Tambayar ba wuya. Shirun da ke biyo bayanta ne mai wuya, domin dattijo ba ya amsawa nan take, yakan bi ta zancen ruwa da tsadar 'yan ƙwadago kafin ya iso inda ke masa ciwo. In ka cike masa wannan gurbi da surutu, ya fasa. In ya gama kuma sai in maimaita masa a taƙaice, in ce "Baba, wato kana nufin kaza?", don ya gyara ni tun kafin a ɗaga buhu.

A noman ranin da ya biyo baya wani manomi daga Bunkure ya zo ya ce a ba shi maganin feshi, ganyen shinkafarsa ya yi ruwan ɗorawa. Da a da ne, da tuni na jera masa kwalabe. Na tambaye shi wane ganye ne, na sama ko na ƙasa, akwai ɗigo-ɗigo ko alamar ƙwaro a jiki? Ya ce tsofaffin ganyen ƙasa ne, babu tabo, gonar gaba ɗaya ta koɗe, kuma tun dashe bai zuba komai ba don kuɗi sun yanke masa. Wannan alamar yunwar naitirojin ce, feshi ba zai yi mata komai ba. Na ba shi yuriya buhu biyu, na ce ya rage ruwan fangali kafin ya watsa, kada ruwa ya tafi masa da ita. Da zai dawo ɗaukar kashi na biyu, tare suka zo da ƙanensa da wani maƙwabcin gonarsa.