Harafin ѣ da injin karanta rubutu ba ya gani

Wani tsohon littafin Rashanci da aka buga kafin 1918 na yi aiki a kansa. Na ɗauki hotunan shafukan a 300 dpi, da launin toka, domin baƙi da fari zalla yana cinye siraran layukan da ke bambanta и da н da п. Sannan na miƙa wa Tesseract, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto:

```
tesseract shafi.png shafi -l rus
```

Da gangan ban haɗa da kundin Ingilishi, `eng`, ba. In aka haɗa, manhajar takan cusa a, o, c, p na Latin a tsakiyar kalmar Rashanci. Ido ba zai gane ba, amma in ka nemi kalmar a kwamfuta sai ta ce babu.

Babban aikin yana kan haruffan da gyaran rubutu na 1917 zuwa 1918 ya soke, irin su ѣ da і da ѳ. Kundin `rus` rubutun zamani ya sani, don haka duk inda ya ci karo da ѣ sai ya ba ka mafi kama da shi, galibi ъ ko ь. Wanda ya taɓa ganin inji ya mayar da ƙ zuwa k a rubutun Hausa ya san irin wannan ɓarnar.

Ƙa'idar tsohon rubutun ce ta sauƙaƙa mini. A tsakiyar kalma, ъ wasali ne ke bin sa. Saboda haka in na ga baƙi ya biyo shi, kusan koyaushe ѣ ne aka karanta ba daidai ba. Ga yadda na zaƙulo su:

```
grep -nP 'ъ[бвгджзклмнпрстфхцчшщ]' shafi.txt
```

Nan take хлъбъ ya fito, wanda хлѣбъ ne, wato burodi, sai въра a madadin вѣра. Waɗannan na gyara su a dunƙule, bayan na duba jerin don ware wuraren da kalmomi biyu suka manne, kamar въ da kalmar da ke bin sa.

Ƙarshen kalma kuwa sai an bi a hankali. A tsohon rubutu kusan duk kalmar da ta ƙare da baƙi ana liƙa mata ъ, don haka столъ, tebur, daidai ne. Amma столѣ ma daidai ne, a cikin на столѣ, a kan tebur. Injin yakan fitar da su iri ɗaya, kuma ƙamus ba zai yi ƙorafi ba tunda kowacce kalma ce ta gaske. A nan ban yarda da sauyawa a dunƙule ba ko kaɗan. Na ware kalmomin da suka biyo bayan на, въ, о da при, inda nahawu kan nemi ѣ, na buɗe hoton shafin a gefe, na gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da aka buga.